Kwangila Ɗaya, Alƙawari Uku: Yadda Ƙa'idar IFRS 15 Ke Raba Kuɗin Shiga

Kuɗin shiga shi ne adadin da ke saman rahoton riba da asara na kowane kamfani, kuma daga gare shi ake cire kuɗin da aka kashe kafin a san ko an ci riba. A tsarin IFRS, kamfani yana rubuta kuɗin shiga ne a lokacin da ya cika alƙawarin da ya ɗauka wa mai saye, wato lokacin da kaya ko hidima suka koma ƙarƙashin ikon mai sayen. Ranar da aka sa hannu a takarda da ranar da kuɗi ya faɗa asusun banki duk ba su ne ma'auni ba. Idan ciniki na hannu da hannu ne, a ba da kaya a karɓi kuɗi, waɗannan ranaku sukan haɗu wuri ɗaya, babu abin tattaunawa. Wahalar tana tasowa ne idan kwangila ɗaya ta ƙunshi abubuwa da dama a kan farashi guda, wasu a miƙa su yau, wasu kuma a yi ta yin su har shekara biyu ko uku.

Ƙa'idar da ke kula da wannan ita ce IFRS 15. Hukumar IASB, mai mazauni a Landan, ta fitar da ita a watan Mayun 2014 bayan aikin haɗin gwiwa da takwararta ta Amurka, FASB, kuma ta fara aiki daga ranar 1 ga Janairun 2018. Ta maye gurbin IAS 18, wadda ta shafi kuɗin shiga gaba ɗaya, da IAS 11, wadda ta shafi kwangilolin gine-gine. Tsofaffin ƙa'idojin ba su yi cikakken bayani a kan kwangila mai ɗauke da abubuwa da yawa ba, shi ya sa kamfanoni biyu masu sana'a iri ɗaya sukan rubuta ciniki iri ɗaya ta hanyoyi daban. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya sun koma tsarin IFRS tun 2012, don haka rahotanninsu na yau a kan wannan ƙa'ida suke tafiya.

IFRS 15 tana da matakai biyar: a tabbatar akwai kwangila, a ware alƙawuran da ke cikinta, a tantance farashin cinikin, a raba farashin a kan alƙawuran, sannan a rubuta kuɗin shiga yayin da ake cika kowane ɗaya. Misali ɗaya zai nuna yadda suke aiki. A ɗauka wani kamfanin sola ya ƙulla yarjejeniya da wani asibiti mai zaman kansa a kan naira miliyan 12. Zai kawo farantan sola da batura da inbata, zai haɗa su a rufin asibitin, sannan zai kula da su tsawon wata 24: duba batura, wanke farantai idan ƙurar hunturu ta rufe su, da zuwa gyara duk lokacin da aka kira shi. Kamfanin yana rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba.

Matakin farko ba ya ɗaukar lokaci a yawancin ciniki. Ana duba ko ɓangarorin biyu sun amince, ko an san haƙƙin kowa da sharuɗɗan biya, ko cinikin na gaske ne, da kuma ko akwai rinjayen zaton cewa mai saye zai biya. Ba dole ba ne kwangilar ta zama a rubuce, muddin doka za ta iya tilasta ta. Abu ɗaya da ya kamata a lura da shi a nan: idan kamfanin ya rubuta takardu biyu da asibitin a lokaci ɗaya, ɗaya ta kaya ɗaya ta kulawa, amma a zama guda aka daidaita farashinsu, ƙa'idar tana haɗe su ta ɗauke su kwangila ɗaya. Raba takarda ba ya raba ciniki.

Mataki na biyu shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan akantoci da masu binciken kuɗi suka fi yin gardama. Ana ware wani abu a matsayin alƙawari mai zaman kansa ne idan ya cika sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, mai saye zai iya amfana da shi ko dai shi kaɗai, ko tare da wani abin da zai iya samu cikin sauƙi. Na biyu, a cikin ita wannan kwangilar, abin bai narke cikin sauran ya zama wani sabon abu guda ba. A misalin asibitin, farantai da batura da inbata kaya ne na gama-gari da kamfanin ke sayarwa a shagonsa ko da ba shi zai haɗa ba, kuma haɗa su aiki ne da wasu masu gyaran lantarki a garin za su iya yi. Kulawar wata 24 ma haka take, asibitin zai iya ba wani. Saboda haka alƙawura uku ne: kaya, haɗawa, da kulawa.

Da sharuɗɗan sun ɗan canza, da amsar ta canza. Idan abin da aka yi alƙawari shi ne a zana, a gina, a miƙa cikakkiyar tashar lantarki da aka tsara musamman don wani rukunin gidaje, inda kamfanin ke ɗauke da nauyin ganin kowane sashe ya dace da ɗan'uwansa, to farantai da wayoyi da aikin hannu sun zama kayan haɗi kawai, abin da ake saye shi ne tashar. Kamar mai ba da kwangilar gina gida ne: ba bulo da siminti da kwano ya saya ɗaya bayan ɗaya ba, gida ya saya. Ƙa'idar ta ba da alamomi uku na irin wannan narkewa: kamfani yana yin babban aikin haɗa sassan su zama abu guda, ko wani sashe yana sauya ɗan'uwansa sauyi mai yawa, ko sassan sun dogara da juna har ba za a iya cika ɗaya ba tare da ɗayan ba. Wannan hukunci ne na fahimta, kuma kamfanoni biyu na sola suna iya kaiwa ga amsa daban bisa gaskiya, domin kwangilolinsu sun bambanta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kamfani ɗaya ya riƙa sauya amsa a kan kwangiloli iri ɗaya gwargwadon ribar da yake son nunawa a shekarar.

Garanti ma yana shigowa a wannan mataki. Idan garantin tabbaci ne kawai cewa inbatar za ta yi aiki yadda aka bayyana, ba alƙawari ne mai zaman kansa ba. Kamfanin zai ware tanadin kuɗin gyara a ƙarƙashin wata ƙa'idar, IAS 37. Idan kuwa garantin ya zarce haka, ko mai saye yana da zaɓin sayen sa daban, to hidima ce, kuma dole a ba ta nata kason na farashi. Haka abin da takarda ta kira kyauta. Ko da kamfanin ya rubuta cewa kulawar wata 24 kyauta ce ga wanda ya sayi kaya, ƙa'idar ba ta ɗauke ta kyauta ba, domin asibitin ya sa ta a lissafi lokacin da ya amince ya biya miliyan 12.

Mataki na uku shi ne sanin nawa ne ainihin farashin. A misalin, naira miliyan 12 ne, ba tare da harajin VAT ba, domin wannan kuɗin gwamnati ne da kamfanin ke karɓa a madadinta, ba ya shiga kuɗin shigarsa. Idan akwai wani ɓangare na farashin da bai tabbata ba, misali ƙarin naira 500,000 idan wuta ba ta ɗauke a ɗakin tiyata ba tsawon shekarar farko, kamfanin zai ƙiyasta shi, amma ba zai sa shi a farashi ba sai in akwai tabbaci mai ƙarfi cewa ba za a zo daga baya a soke wani adadi mai yawa na abin da aka rubuta ba. Kamfanin da bai taɓa yin irin wannan aiki ba, ko wanda sakamakon ya dogara da abin da ba ya hannunsa, zai jira. Akwai kuma batun lokaci: idan tazarar da ke tsakanin biya da miƙa hidima ta wuce shekara ɗaya, dole a duba ko akwai bashi mai ruwa a ɓoye cikin farashin, a ware shi idan yana da yawa. Don sauƙin lissafi, a ɗauka babu waɗannan biyun a kwangilar asibitin.

Yanzu sai rabo. Ƙa'idar ta ce a raba farashin gwargwadon abin da kowane alƙawari zai ci da an sayar da shi shi kaɗai. A ce kamfanin yana sayar da irin waɗannan kaya a kan naira miliyan 10, yana haɗa wa mutane a kan miliyan 2, yana kuma ɗaukar kulawar shekara biyu a kan miliyan 3. Jimilla miliyan 15 ke nan, amma asibitin miliyan 12 zai biya. Rangwamen miliyan 3, wato kashi 20 cikin ɗari, yana hawa kan dukkan ukun daidai gwargwado. Kaya za su ɗauki miliyan 8, haɗawa miliyan 1.6, kulawa miliyan 2.4. Idan aka tara su, miliyan 12 ne cif.

Hikimar wannan rabo tana bayyana ne idan aka kwatanta shi da abin da takardar neman biya ke iya cewa. Kamfanin yana iya rubuta kaya miliyan 10, haɗawa miliyan 2, kulawa kyauta. Da za a bi takardar, da duk miliyan 12 sun shiga rahoton shekarar farko, shekaru biyu masu zuwa kuma su zo da kuɗin mai da albashin masu gyara ba tare da ko kwabo na kuɗin shiga ba. Mai karanta rahoton zai ga riba mai kauri a farko, ya ga asara daga baya, alhali ciniki ɗaya ne. Ana iya ɗora rangwame a kan wasu alƙawuran kaɗai, amma sai da hujja a bayyane, kamar a nuna cewa kamfanin ya saba sayar da kaya da haɗawa tare a kan wannan rangwamen ko babu kulawa.

Sau da yawa babu farashin da za a duba, domin kamfanin bai taɓa sayar da abin shi kaɗai ba. A nan dole ya ƙiyasta. Yana iya duba abin da abokan hamayya ke karɓa a kasuwa ya daidaita shi da yanayinsa, ko ya lissafa abin da aikin zai ci ya ɗora riba mai ma'ana. Akwai hanya ta uku, a cire farashin abubuwan da aka sani daga jimilla a bar wa ɗayan ragowar, amma an taƙaita ta ga inda farashin abin yake hawa da sauka sosai daga mai saye zuwa mai saye, ko inda ba a taɓa sa masa farashi ba. Wani sharaɗi mai muhimmanci ga ƙasar da farashi ke tashi da sauri shi ne, ana yin rabon ne da farashin ranar ƙulla kwangila. Ko da kuɗin kulawa ya ninka a kasuwa bayan wata shida, kason da ke littafi yana nan a miliyan 2.4. Idan tsadar ta kai inda cika kwangilar zai ci fiye da abin da za a samu daga gare ta, sai a ware tanadin asara a ƙarƙashin IAS 37, ba a taɓa rabon.

Mataki na ƙarshe shi ne lokaci. Ga kowane alƙawari, ana fara tambaya ko ana cika shi ne sannu a hankali. Amsar takan zama e idan ɗaya daga abu uku ya tabbata: mai saye yana cin moriyar aikin a daidai lokacin da ake yin sa; ko aikin yana gina ko inganta wata kadara da ke hannun mai saye; ko kuma abin da ake ƙerawa ba shi da amfani ga kamfanin a wani wuri, kuma yana da haƙƙin doka na a biya shi aikin da ya riga ya yi. Idan babu ko ɗaya, to alƙawarin yana cika ne a lokaci guda, ranar da iko ya koma hannun mai saye. Ana gane wannan rana ta alamomi irin su mallakar kaya a doka, kasancewarsu a hannun mai saye, komawar haɗarin lalacewa ko sata kansa, da amincewarsa cewa ya karɓa.

A ce an sauke kayan a asibitin tsakiyar Satumbar 2024, ma'ajin asibitin ya ƙirga ya sa hannu. A ranar za a rubuta miliyan 8. An gama haɗawa kafin ƙarshen watan, don haka miliyan 1.6 ma sun shiga. Kulawa ta fara ranar 1 ga Oktoba. Ita hidima ce da asibitin ke morewa kullum, har a ranar da ba a kira kowa ba, domin abin da ya saya ya haɗa da zaman kamfanin cikin shiri. Tunda nauyin kusan ɗaya ne kowane wata, sai a raba miliyan 2.4 gida 24, naira 100,000 a wata. Zuwa 31 ga Disamba an yi wata uku, naira 300,000. Kuɗin shigar 2024 daga wannan kwangila miliyan 9.9 ne. Shekarar 2025 za ta samu miliyan 1.2, sannan 2026 ta samu naira 900,000 na wata tara da suka rage.

Bambancin da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka biya yana zama a rahoton kadara da bashi. Idan asibitin ya biya miliyan 12 gaba ɗaya a Satumba, a ƙarshen 2024 kamfanin yana riƙe da miliyan 2.1 na aikin da bai yi ba tukuna. Wannan adadi yana fitowa a ɓangaren bashi, a matsayin nauyin kwangila, yana raguwa da naira 100,000 kowane wata. Kuɗin yana banki, ana iya kashe shi, amma bai zama kuɗin shiga ba.

Idan tsarin biyan ya juya, lissafin ma yana juyawa. A ce an shirya asibitin zai biya miliyan 9 da an gama haɗawa, sauran miliyan 3 kuma a biya su naira 125,000 duk wata tare da kulawa. A ƙarshen Satumba kamfanin ya cika aikin miliyan 9.6, amma miliyan 9 kawai yake da damar nema. Ragowar naira 600,000 za ta zauna a matsayin kadarar kwangila. Ta bambanta da bashin da ake bin mai saye kai tsaye, domin samun ta ya rataya a kan kamfanin ya ci gaba da yin kulawar. Kowane wata ana karɓar 125,000, ana rubuta 100,000 kuɗin shiga, 25,000 kuma na rage waccan kadara, har ta ƙare a wata na 24. Irin wannan lissafi ne ya sauya rahotannin kamfanonin waya a ƙasashen da ake ba da salula da rangwame tare da kwangilar layi ta shekara ɗaya ko biyu: salular ta koma ɗaukar kaso mafi girma a farko fiye da abin da aka karɓa a kanta.

Ba kowane aiki mai tsawo ake rabawa daidai da watanni ba. A kwangilar gina tashar lantarki da aka ambata, inda komai ya zama alƙawari guda da ake ginawa a filin mai saye, sai an auna ci gaban aiki. Ana iya auna shi da abin da aka kammala, kamar yadda injiniya ya tabbatar, ko da abin da aka kashe idan aka kwatanta da jimillar da ake sa ran kashewa. A ce farashin miliyan 60 ne, ana sa ran kashe miliyan 40, an kashe miliyan 10 zuwa ƙarshen shekara. An yi kashi 25 cikin ɗari, kuɗin shiga miliyan 15. Raunin wannan hanya yana cikin adadin da aka ƙiyasta. Idan gaskiyar abin da aikin zai ci miliyan 50 ne, ci gaban kashi 20 ne kacal, kuɗin shigar kuma miliyan 12. Kamfanin da ya ƙi sabunta ƙiyasinsa bayan canjin dala ya tashi ya ƙara wa kansa miliyan 3 ba tare da ya ɗaura ko waya ɗaya ba. Ƙa'idar ta wajabta a sake auna ci gaban a ƙarshen kowane zangon rahoto. Ta kuma hana a ƙirga kuɗin ɓarna da aikin da aka maimaita saboda kuskure a matsayin ci gaba. Batura masu tsada da aka sayo daga wani kamfani aka jibge a wurin aiki ba a haɗa ba, su ma ba sa nuna ci gaba. A wasu sharuɗɗa ana rubuta kuɗin shigarsu daidai da abin da aka saye su, babu riba a kai.

Mai hannun jari ko ma'aikacin banki da ke karanta rahoto yana da inda zai duba. IFRS 15 ta wajabta wa kamfani ya bayyana a bayanan da ke bin rahotonsa irin alƙawuran da yake ɗauka, lokacin da yake ɗaukar sun cika, hanyar da ya bi wajen ƙiyasta farashin kowanne, da adadin kadara da nauyin kwangila a farko da ƙarshen shekara. Ga kwangilolin da suka wuce shekara ɗaya, yakan kuma faɗi adadin farashin da ya rage a kan aikin da ba a yi ba da lokacin da yake sa ran rubuta shi. A kwangilar asibitin, miliyan 2.1 ne a ƙarshen 2024, miliyan 1.2 a 2025 da 900,000 a 2026. Idan kamfani yana tallata kulawar shekaru amma babu nauyin kwangila a littafinsa duk da yana karɓar kuɗi tun farko, akwai alamar ya cinye kason gaba. Idan kadarar kwangila tana ƙaruwa shekara bayan shekara fiye da yadda kuɗin shiga ke ƙaruwa, kuma kuɗin da ke shigowa hannu daga ayyuka ya tsaya cik, sai a tambayi yadda ake auna ci gaban aiki da kuma yaushe aka sabunta ƙiyasin abin da aikin zai ci.